Dalma a Ruwan Sha: Me Takardar Gwaji Take Nufi Idan Ta Ce "Ba a Gano Ba"?

Duk wanda ya taɓa kai ruwan rijiyar burtsatse, ko ruwan leda, ko garin hatsi ɗakin gwaje-gwaje ya san irin takardar da ake miƙo masa. Sunayen sinadarai ne a jere, kowanne da lambarsa a gabansa. Idan aka zo kan dalma, wadda ake rubutawa Pb, sau da yawa ba lamba za a gani ba, sai haruffa biyu ko uku: ND ko BDL. Ma'anarsu ita ce ba a gano ba, ko kuma abin bai kai iyakar da na'ura take iya ganowa ba. Mai ruwa sai ya yi hamdala, ya ninke takarda, ya koma ya gaya wa jama'a cewa an auna, babu guba.

Takardar ba haka ta ce ba. Abin da ta ce shi ne, na'urar da aka yi aiki da ita, a ranar da aka yi aikin, ba ta ga dalma ba. Ko akwai dalmar ko babu, wannan ya danganta da ƙarfin ganin na'urar, kuma ƙarfin ganin nan yana da lamba. Masu aikin suna kiran lambar iyakar ganowa, a takarda LOD. Tana da 'yar'uwa da ke sama da ita, iyakar aunawa, a takarda LOQ. Ina ganin duk wanda yake da alhakin ruwan da jama'a ke sha, ko shi mai masana'anta ne, ko jami'in tsafta, ko shugaban ƙungiyar unguwa da ta haƙa rijiya, ya kamata ya san waɗannan lambobi biyu, domin akwai takardun da suke cewa "ba a gano ba" alhali dalmar da ke cikin ruwan ta ninka abin da doka ta yarda da shi.

Mu a wannan yanki ba ma bukatar a ba mu labarin dalma. A 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yadda ƙananan yara ke mutuwa bayan jijjiga a ƙauyukan ƙananan hukumomin Bukkuyum da Anka a jihar Zamfara. Bincike ya nuna duwatsun da ake niƙawa don fitar da zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa, kuma ana dakan su a turmin gida, ana niƙa su a injin da ake niƙa hatsi. Yara fiye da 400 suka rasu. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. A wasu gidajen Zamfara, dalmar da ke cikin ƙasar tsakar gida ta haura miligiram 100,000 a kowane kilo. Irin wannan adadi ba ya ba kowace na'ura wahala. Sai ma an tsinka samfurin da ruwa kafin na'ura ta iya karanta shi.

Wahalar awo tana can ƙasa, wajen ɗan abin da ba ya kashewa nan take amma yake taruwa a jikin yaro yana rage masa kaifin ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a kan maikirogiram 10 a lita, wato miligiram 0.01, kuma ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ma wannan adadi ta ɗauka. Giram ɗaya ke nan na dalma a cikin ruwa lita 100,000, cikin duro 500 masu lita 200. Na'urar da za ta yanke hukunci a kan ruwan sha dole ta iya ganin abin da bai kai wannan ba.

Yadda na'urar take gani

Na'urar da aka fi samu a jami'o'inmu da ɗakunan gwajin ruwa ita ce wadda ake kira AAS. Wani masani mai suna Alan Walsh, yana aiki a Melbourne ta ƙasar Ostireliya, shi ya bayyana dabararta a 1955. Tushenta abu ɗaya ne: ƙwayoyin zarra na kowane ƙarfe suna shanye wani nau'in haske nasu na kansu, ba sa taɓa sauran. Dalma tana shan haske mai tsawon zango nanomita 283.3, wanda ido ba ya gani. Saboda haka ana sa wata fitila da aka yi cikinta da dalma, tana fitar da wannan hasken daidai. Na'ura tana zuƙo ruwan samfuri ta wani siririn bututu, ta mai da shi feshi, ta tura shi cikin harshen wuta na iska da gas ɗin asitilin, irin wanda masu walda suke aiki da shi. Zafin wutar ya kai kimanin digiri 2,300. A nan ruwan yake ƙafewa, dalmar ta warwatse ƙwaya-ƙwaya, hasken fitila ya ratsa ta cikinsu. A ɗaya gefen akwai ma'auni da ke lissafa hasken da ya ɓace a hanya. Yawan hasken da ya ɓace, yawan dalmar da ke ciki.

Na'urar ba ta san miligiram ba. Abin da take bayarwa lamba ce kawai ta shan haske. Mai aiki ne yake koya mata ma'anar lambar, ta hanyar ba ta ruwan da shi ya haɗa ya san abin da ya zuba: rabin miligiram a lita, miligiram ɗaya, biyu, biyar. Idan aka ɗora lambobin a kan takardar zane sai su ba da miƙaƙƙen layi mai hawa. Hawan layin, wato yawan ƙaruwar lamba a kan kowane miligiram, shi ne kaifin na'urar ga wannan ƙarfe.

To amma harshen wuta ba ya tsayawa cik. Yana ɗan rawa. Hasken fitila yana ɗan ƙaruwa yana raguwa, feshin ba ya fita daidai wa daida a kowace daƙiƙa, lantarkin cikin ma'aunin ma yana da nasa motsi. Sakamakon haka, ko ruwan da babu dalma a cikinsa aka ba na'ura, lambar ba za ta zauna a wuri ɗaya ba. Wanda ya taɓa kallon allurar sikelin da ake auna buhunan hatsi ya san tana ɗan karkarwa ko babu kaya a kai. Idan aka ɗora ƙwayar zinariya a kansa, nauyinta zai ɓace a cikin karkarwar, sai an kai ta ƙaramin sikelin mai sayen zinariya. Iyakar ganowa ita ce amsar tambayar nan: nawa ne mafi ƙanƙantar abin da zai motsa lambar har a tabbata ba karkarwar banza ba ce?

Mu yi lissafin tare

Ga misali, da lambobin da na tsara su yi kama da abin da na'ura mai harshen wuta take bayarwa idan tana da lafiya. Mai aiki ya haɗa holoƙon samfuri, wato tataccen ruwa da aka zuba wa asid ɗin da ake zuba wa samfuran gaske, amma ba a sa masa dalma ba. Ya auna shi sau goma, ya samu:

0.0010, 0.0006, 0.0013, 0.0008, 0.0012, 0.0006, 0.0013, 0.0010, 0.0014, 0.0008

Matsakaicinsu 0.0010 ne. Amma ba matsakaicin ya fi damunmu ba, tun da ana iya cire shi daga kowane awo. Abin da ya dame mu shi ne yadda lambobin suka warwatsu a gefensa, wannan sama, wancan ƙasa. Masana lissafi suna da ma'aunin wannan warwatsuwa, suna rubuta shi da harafin s, kuma kowace na'urar lissafi ta ɗalibai tana fitar da shi. A nan s ya kama 0.0003. Hawan layin kuma, wanda ake rubutawa m, mu ce 0.020 ne a kan kowane miligiram a lita. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce:

```
LOD = 3 × s / m  = 3 × 0.0003 / 0.020  = 0.045 mg/L
LOQ = 10 × s / m = 10 × 0.0003 / 0.020 = 0.15 mg/L
```

Idan muka mai da su maikirogiram, iyakar ganowa 45 ce a lita, iyakar aunawa kuma 150. Iyakar doka, kada mu manta, 10 ce.

Yanzu a kawo ruwan wata rijiya mai dalma maikirogiram 30 a lita, ninki uku na abin da aka yarda a sha. Dalmar za ta ɗaga lambar na'ura da 0.0006 kacal, saboda haka za a ga wani abu kusa da 0.0016. Dubi jerin holoƙon nan na sama: ruwan da babu komai a cikinsa ya kai 0.0014 da kansa. Kafin mai aiki ya yarda ya ga dalma, sai lambar ta kai matsakaicin holoƙo da ƙarin s sau uku, wato 0.0019. Ba ta kai ba. Zai rubuta ND, kuma bai yi ƙarya ba, bai yi ha'inci ba, na'urarsa ma ba ta lalace ba. An dai yi mata tambayar da ta fi ƙarfinta. Mutanen unguwa za su ci gaba da dama wa yara koko da wannan ruwa, takarda mai hatimi tana ajiye a ofis.

Me ya sa uku, me ya sa goma?

Lambar uku daga lissafin yiwuwa ta fito. Idan karkarwar na'ura tana bin tsarin da aka saba gani, yiwuwar holoƙo ya yi tsalle da kansa ya haura s sau uku kusan ɗaya ce cikin ɗari bakwai. Wato wanda ya ga lamba ta wuce wannan layi yana da hujjar cewa akwai wani abu. Wannan kariya ce daga ƙararrawar ƙarya, kada a rufe rijiya mai kyau a kan motsin wuta.

Akwai ɗaya fuskar, wadda ba kasafai ake koya wa ɗalibai ba. A ce dalmar da ke cikin ruwa ta yi daidai da iyakar ganowa, 45 cif. Ita ma lambarta tana karkarwa: rabin lokaci za ta faɗa sama da layi, rabin lokaci ƙasa. Ma'ana, a awo goma, kusan biyar za su ce an gano, biyar su ce ba a gano ba, a kan ruwa guda. Don haka ko "ƙasa da 45" da aka rubuta ba alkawari ne mai ƙarfi ba. Ruwa mai 50 ko 55 yana iya zamewa ya wuce. Wani masani ɗan Amurka, Lloyd Currie, ya fayyace wannan a wata maƙala a 1968. Ya raba matakai uku: matakin yanke hukunci cewa an ga wani abu, matakin da idan abu ya kai shi da wuya ya kuɓuce, da matakin da za a iya faɗin adadi. Daga lissafinsa lambar 3.3 ta samo asali, wadda masu gwajin magunguna suke amfani da ita a maimakon uku. Shi ya sa ɗakunan gwaji biyu za su iya ba da iyaka daban a kan na'ura iri ɗaya, kuma shi ya sa ya dace kowa ya faɗi ƙa'idar da ya bi.

Goma kuma ta fi sauƙin fahimta. A daidai iyakar ganowa, karkarwar ta kai kashi ɗaya cikin uku na abin da ake aunawa. A misalinmu s ɗaya daidai yake da maikirogiram 15, to idan na'ura ta nuna 50, gaskiyar tana iya zama 25, tana iya zama 75. An san akwai dalma, ba a san nawa ba. Sai an kai s sau goma karkarwar take komawa kashi goma cikin ɗari na adadin, inda mutum zai iya rubuta lamba ya tsaya a kanta. Tsakanin iyakokin biyu, daga 45 zuwa 150 a misalin nan, abin da ya dace a rubuta shi ne an gano amma bai kai a faɗi adadi ba, ko a rubuta lambar tare da alamar cewa ƙiyasi ce. Saboda doka da adadi take magana, iyakar aunawa ce ya kamata a gwada da iyakar doka, kuma ta kasance ƙasa da ita da tazara mai kyau. Na'urar misalinmu ta ninka iyakar doka sau goma sha biyar.

Lissafin ya nuna hanyoyi biyu kawai na sauko da iyaka: a rage s, ko a ƙara m. Su biyun kuma ba kullum suke tafiya tare ba. Dalma tana da wani zangon haske na biyu, nanomita 217.0, wanda take sha fiye da na farko, hawan layinsa ya kusa ninki biyu. Amma a wannan zango wutar kanta da gishirin da ke cikin ruwa suna shan haske sosai, karkarwa ta ƙaru. Sau da yawa ribar da aka samu a m ana mayar da babban rabonta a s, shi ya sa masu aiki da dama suke zama a kan 283.3.

Tanderun girafait

Babbar matsalar harshen wuta ita ce asara. Kusan kashi ɗaya cikin goma ne kawai na ruwan da aka zuƙo yake isa wutar, sauran ya bi magudana. Wanda ya isa kuma yana wuce gaban fitila cikin ƙiftawar ido. Wani masani ɗan Rasha, Boris L'vov, ya kawo mafita a 1959: a bar wuta, a yi amfani da ƙaramin bututun girafait, baƙin abin nan da ke cikin fensir, wanda tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa biyu ba. Ana ɗiga ɗigo guda na samfuri a ciki, kamar maikirolita 20. Lantarki yana zafafa bututun mataki-mataki, iskar argon tana kare shi kada ya ƙone. Da farko zafi kaɗan sama da digiri 100 don ruwan ya bushe a hankali ba tare da ya fantsama ba. Sai ɗaruruwan digiri don a ƙone dattin da ke tare da samfurin. A nan ake ƙara wani sinadari, kamar amoniyam fosfat ko faladiyam, wanda yake riƙe dalmar kada ta tashi tun lokaci bai yi ba. Sai kuma zafi ya yi tsalle zuwa wajen digiri 1,600 ko sama, dalmar duka ta tashi lokaci guda, ta cika ɗan bututun da hasken yake ratsawa.

Mu sake lissafi da lambobi irin na wannan tanderu. A ce hawan layi 0.0030 ne a kan kowane maikirogiram a lita, s na holoƙo kuma 0.0006. Iyakar ganowa ta zama maikirogiram 0.6, iyakar aunawa 2. Ruwan rijiyar nan mai 30, wanda harshen wuta bai gani ba, a nan zai ɗaga lamba da 0.090, ninki 150 na karkarwa. Babu sauran gardama. Tanderun ya fi tsada, ya fi jinkiri, kowane awo yana cin minti biyu ko uku, yana bukatar argon da wutar lantarki marar yankewa, kuma bututun yana cinyewa a sake saya. Wannan ne ya sa ɗakunan gwaji da yawa suke da harshen wuta kaɗai.

Wanda ba shi da tanderu yakan nemi dabara: ya ƙafar da ruwa mililita 500 a kan wuta har ya koma 50, dalmar ta kauri sau goma. Dabara ce halattacciya, kuma tana sauko da iyakokin misalinmu zuwa 4.5 da 15. An samu ci gaba, amma iyakar aunawa har yanzu tana sama da 10. Ban da haka gishirin ruwan ma ya kauri sau goma, kuma duk ƙurar da ta faɗa cikin kwalbar a tsawon sa'o'in ƙafarwa ta shiga lissafi. Wata hanyar ita ce a kama dalmar da sinadarin APDC a janye ta cikin ɗan ruwan MIBK, wadda ta fi tsabta amma tana son hannu mai ƙwarewa.

Iyakar na'ura daban, iyakar aiki daban

Wannan shi ne wurin da na fi ganin ana tuntuɓe. Lambar da kamfanin da ya ƙera na'ura ya buga a littafinta an same ta ne da sabuwar fitila, da tataccen ruwa, a ɗaki marar ƙura. Samfurin gaske kuwa yana bin doguwar hanya: roba da aka ɗebo shi, asid ɗin naitirik da aka zuba masa don kada dalmar ta manne a jikin robar, kwalbar da aka dafa shi, takardar tacewa, hannun mai aiki, iskar ɗaki a lokacin hunturu. Kowannensu yana iya ƙara 'yar dalma, kuma ba daidai yake ƙarawa a kowace kwalba ba. Clair Patterson, wanda ya auna shekarun duniya ta hanyar dalma a 1956, ya shafe shekaru yana fama da wannan. Ya gano cewa dalmar da ke shigowa daga ɗakin gwaji kanta tana iya fin wadda ke cikin samfuri, sai da ya gina ɗaki na musamman mai tatacciyar iska.

Saboda haka auna kwalbar holoƙo guda sau goma a jere cikin minti biyar karkarwar na'ura kawai yake nunawa. Iyakar gaskiya tana fitowa ne idan aka haɗa holoƙo daban-daban, kowanne a kwalbarsa, aka bi da su duk matakan da samfuri yake bi. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana da tsari a kan wannan: a haɗa aƙalla samfura bakwai da aka zuba wa ƙarfen ɗan kaɗan, a bi da su aikin gaba ɗaya a ranaku uku daban, a ninka s ɗinsu da 3.14, a yi wa holoƙo ma nasu lissafin, sannan a ɗauki lambar da ta fi girma. Iyakar da ake samu ta wannan hanya kusan kullum ta fi ta littafin kamfani girma, kuma ita ce ta dace da takardar sakamako.

Ga abu mai tauri kamar hatsi ko ƙasa, akwai ƙarin lissafi da ake yawan mantawa. A ce an narkar da giram ɗaya na garin gero a cikin asid, aka cika shi da ruwa zuwa mililita 50. An tsinka shi sau hamsin ke nan. Iyakar 0.045 a lita ta koma miligiram 2.25 a kowane kilo na gero, iyakar aunawa kuma 7.5. Ƙa'idar abinci ta duniya, Codex, ta sa iyakar dalma a hatsi a kan miligiram 0.2 a kilo. Gero mai dalma ninki goma na wannan zai wuce ta gaban harshen wuta a rubuta masa ND. Amma wannan na'urar dai, da waɗannan lambobin dai, ta wadatar sosai ga ƙasar tsakar gida, inda aikin tsabtace ƙauyukan Zamfara ya yi la'akari da miligiram 400 a kilo. Na'ura ɗaya, ta isa a kan ƙasa, ta gaza a kan hatsi da ruwa.

Yadda ake gane takardar da ba ta tsaya ba

Alama ta farko ita ce ND tsirara, ba tare da lamba a gefenta ko a ƙasan shafi ba. Takarda mai mutunci takan rubuta alamar "ƙasa da" tare da adadi, kamar < 0.002 mg/L, ta faɗi ko harshen wuta aka yi amfani da shi ko tanderu. Idan adadin da ke bayan alamar ya fi 0.01 ga dalma a ruwan sha, gwajin bai amsa tambayar ba. Ga kadmiyam ma haka, sai dai iyakarsa ta fi ƙasa, 0.003.

Alama ta biyu ita ce akasin wannan, kuma ana ganinta a rubuce-rubucen ɗalibai da ma wasu maƙalu: an yi aiki da harshen wuta kai tsaye, ba a kaurara samfuri ba, amma ga tebur cike da lambobi irin 0.004 da 0.012, har ana cewa wannan rijiya ta tsallake, waccan ta faɗi. Kwamfutar na'urar tana buga lamba duk abin da aka ba ta, ba ta san inda ganinta ya ƙare ba. Waɗannan lambobi karkarwa ce aka yi wa ado da sifiri. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce a duba mafi ƙanƙantar ruwan da aka koya wa na'ura da shi. Idan rabin miligiram ne, lambar 0.012 tana ƙasa da shi fiye da sau arba'in, a wurin da babu wanda ya gwada ko layin yana nan a miƙe.

Akwai kuma s da ya yi kyau fiye da kima. Idan an saita na'ura tana nuna lambobi uku kawai bayan ɗigo, holoƙon nan goma na misalinmu duk za su fito 0.001, s ya zama sifiri, iyaka ta zama sifiri, abin da ba ya yiwuwa. Haka idan holoƙo ya ba da lamba ƙasa da sifiri bayan an cire matsakaici, sai mai aiki ya mai da ita sifiri don yana ganin kuskure ce. Ba kuskure ba ce. Rabin karkarwar ke nan, kuma wanda ya goge ta ya rage s da hannunsa.

Gwajin da yake raba gardama ba shi da tsada. A ɗauki ruwan samfurin, a zuba masa dalmar da aka sani daidai da iyakar aunawar da ɗakin gwaji yake iƙirari, a bi da shi duk matakan aiki, a maimaita sau da yawa. Idan iƙirarin gaskiya ne, abin da aka zuba zai dawo kusan cif, awon kuma ba zai warwatsu fiye da kashi goma zuwa ashirin cikin ɗari ba. Idan ya dawo rabi, wani abu a cikin ruwan yana danne dalmar, kamar yadda gishirin kulorayid yake yi a tanderu. Idan ya dawo ninki biyu, ko dai datti yana shigowa daga kwalabe da asid, ko hayaƙin gishiri yana tare haske ana lissafa shi a matsayin dalma, alamar cewa ɓangaren na'urar da ke gyara wannan ba ya aiki. Mai kai samfuri yana da haƙƙin ya tambayi ko an yi wannan gwaji, da kuma yaushe aka yi shi na ƙarshe, domin iyakar tana sauyawa idan fitila ta tsufa ko aka buɗe sabuwar kwalbar asid.

Ita kanta lambar 10 ta Hukumar Lafiya ta Duniya tana da alaƙa da wannan zance. A 2010 kwamitin masana na hukumar da takwararta ta abinci ya janye adadin dalmar da a da ake ganin jiki zai iya jurewa a mako, saboda ba a samu matakin da ba ya cutar da yara ba. A bugun ƙa'idojin ruwan sha na 2011 an bar 10 ɗin a matsayin ta wucin gadi, aka kuma faɗi dalili a fili: abin da tace ruwa zai iya cimmawa, da abin da ɗakunan gwaji za su iya aunawa. Wato ruwa mai maikirogiram 8 ya tsallake doka, amma gara a san yana da 8 ɗin, a nemi inda take shigowa, ko daga ƙasa ce, ko daga famfon tagulla da dalmar da aka liƙe bututu da ita. Wannan bincike yana bukatar ɗakin gwajin da iyakar aunawarsa take wajen maikirogiram 2 ko 3 a lita, wato tanderun girafait ko na'urar ICP-MS, kuma gara a yi wannan tambaya kafin a biya kuɗin gwaji.